Takardar Asibiti a Kan Teburin Manaja: Idan Mai Kamfani Bai Yarda Ma'aikaci Ba Shi da Lafiya Ba

Da damina, in zazzaɓin cizon sauro ya kankama, ofishin kula da ma'aikata a masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano ba ya rabo da irin wannan zama. Ma'aikaci ya yi kwanaki ba a gan shi ba, ya dawo da safiyar Litinin, ya zaro wata 'yar takarda da ya ninke a aljihun gaba ya miƙa. Jami'in ya warware ta, ya dubi hatimin, ya dubi kwanan wata, sannan ya ɗago ya dubi fuskar mai ita. Bai ga rama ba, bai ga alamar allura ba. Ga shi kuma tun kafin mutumin ya shigo wani ya riga ya raɗa wa manaja cewa an gan shi a masallacin Juma'a yana tafiya garau.

Daga nan ake samun matsala. Wani manajan ya karɓi takardar yana ƙunƙuni, ya ƙulle mutumin a ransa. Wani ya ce a yanke kuɗin kwanakin daga albashi, in ma'aikacin ya yi magana a nuna masa ƙofa. Dukkansu biyu ba su bi hanyar da doka ta shimfiɗa ba, kuma sau da yawa ba su ma san akwai ta ba. Shi ma ma'aikacin bai sani ba, shi ya sa yake haɗiye abin da aka yi masa.

Abin da sashe na 16 ya tanada

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda take a babi na L1 na kundin dokokin tarayya na 2004, ta yi magana a kan wannan a sashe na 16, kuma maganar gajeriya ce. Ma'aikaci yana da haƙƙin a biya shi ladansa na kwanakin aiki har 12 a cikin shekara guda idan bai zo aiki ba saboda rashin lafiya na ɗan lokaci, muddin likita mai rajista ya shaida rashin lafiyar. Kwanakin aiki ake ƙirgawa, saboda haka Lahadi ko ranar hutun da dama ba ya zuwa ba ta shiga lissafi. Shekarar kuma daga Janairu zuwa Disamba ce.

Sai dai haƙƙin yana rataye da sharaɗi biyu. Na farko, yarjejeniyar aikin tana nan ba ta ƙare ba, kuma mutumin a shirye yake ya yi aikinsa ba don ciwon ba. Na biyun shi ne wanda ya shafi maganarmu kai tsaye: idan mai kamfani ya nema, dole ma'aikacin ya amince likitan da mai kamfanin ya zaɓa ya duba shi. In ya ƙi, kariyar da sashen ya ba shi ta faɗi, ko da kuwa takardarsa ta gaskiya ce.

Wato tun farko masu dokar sun san za a yi shakka, sai suka buɗe mata ƙofa guda. Manaja ba likita ba ne, ba shi da ikon ya kalli mutum ya yanke cewa lafiyarsa ƙalau. Abin da yake da iko a kai shi ne ya kawo wani likitan. Shakkarsa tana ba shi damar bincike, ba ta ba shi damar hukunci.

Akwai iyaka da ya kamata a sani. Kalmar ma'aikaci a sashe na 91 na dokar ta shafi masu aikin hannu da masu aikin akawu, ta fitar da waɗanda ke riƙe da aikin gudanarwa, ko na zartarwa, ko na ƙwararru. Manajan reshen banki ko injiniyan kamfani ba sashe na 16 ne zai duba ba, takardar ɗaukarsa aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata ne madogararsa. Kamfanoni da yawa suna ba da kwanakin da suka zarce 12, kuma idan sun rubuta hakan, abin da suka rubuta ne ke aiki a kansu. Sashe na 7 ma ya wajabta wa mai kamfani ya bai wa ma'aikaci bayanin sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, har da abin da ya shafi rashin lafiya da kuɗin jinya. Rigingimu da dama da ba su taso ba da ana ba da wannan takardar.

Shakka iri biyu ce, maganinsu daban

Idan manaja ya ce bai yarda ba, ya kamata a tambaye shi: da me ba ka yarda ba? Ko dai yana zargin takardar ce ta jabu, babu likitan da ya rubuta ta, ko kuma ya yarda likita ne ya rubuta amma yana ganin an yaudari likitan, ko an yi wa ma'aikacin alfarma. Ana yawan cakuɗa su, alhali kowanne da hanyarsa.

Na farkon ya fi sauƙi. Takardar gaskiya tana ɗauke da sunan asibiti da adireshinsa, da sunan likita a rubuce yadda za a iya karantawa, da sa hannunsa, da ranar da aka ga marar lafiyar, da adadin kwanakin hutu daga yaushe zuwa yaushe. Yawanci akwai lambar katin marar lafiyar a asibitin. Kowane likita kuma yana da lambar rajista a hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, wadda ke sabunta lasisin aiki duk shekara. Abubuwan da ke tayar da hankalin mai dubawa sanannu ne: an goge kwanan wata an sake rubutawa, 2 ta koma 7 da wata tawada daban, hatimi ba suna, ko ma'aikata uku sun kawo takardu daga asibitoci uku da rubutun hannu iri ɗaya.

Abin yi a nan shi ne kamfani ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban asibitin ko sashen adana bayanan marasa lafiya, ya haɗa da kwafin takardar, ya yi tambaya a kan takardar kawai: daga wurinku ta fito, wannan likitan naku ne, kwanakin da ke jiki su ne aka bayar? Amsar e ko a'a ce. Kiran lambar wayar da ke jikin takardar ba tantancewa ba ne, domin wanda ya buga takardar jabu lambarsa ko ta abokinsa zai sa.

Idan asibiti ya ce bai san takardar ba, magana ta tashi daga hutun jinya ta koma babban laifi a wurin aiki, wanda zai iya jawo kora ba tare da wa'adi ba. Buga takardar jabu da amfani da ita laifi ne kuma a dokar Final Kod da jihohin Arewa ke aiki da ita. Duk da haka sai an ba mutumin takardar tuhuma, an nuna masa amsar asibitin, an saurari bayaninsa. Yakan faru a ce wani ma'aikacin asibiti ne ya rubuta ya buga hatimi ba da sanin likita ba, marar lafiyar kuma da gaske ya je, ya ɗauka takardar halal ce aka ba shi.

Abin da mai kamfani ba shi da hurumin sani

A nan ne manajoji da yawa ke wuce gona da iri. Su kira asibiti su ce a faɗa musu abin da ke damun mutumin, ko su ce ya kawo fayil ɗinsa dungurungum. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanan lafiyar mutum sirri ne, ba a fitar da su sai da amincewarsa a rubuce, ko da umarnin kotu, ko inda doka ta tilasta, ko inda ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ita ma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Likitan da ya ƙi faɗa wa manaja cutar ba rufa wa maƙaryaci asiri yake yi ba, aikinsa yake yi.

Kuma in an duba, kamfani ba ya buƙatar sunan cutar. Abin da yake buƙata shi ne ya san ko mutumin zai iya aiki, in ba zai iya ba har zuwa yaushe, kuma ko akwai aiki mai sauƙi da zai iya yi kafin ya warware. Mace mai ɓari, ko mai ciwon damuwa, ko mai ɗauke da cutar da mutane ke ƙyama, duk suna da dalilin da zai sa ba sa son maganar ta zaga masana'anta. Wanda ya taɓa zama a ofis ya san fayil ba ya rufe baki.

Mu bi misali ɗaya daki-daki

A ɗauka ga mai aikin inji a wata masana'antar robobi, yana aiki kwana shida a mako. Abin da yake karɓa a wata naira 100,000 ne: 78,000 tsagwaron albashi, 22,000 alawus na mota da abinci. Zazzaɓi ya kwantar da shi daren Lahadi. Litinin da Talata ya aika yaro kemis aka haɗo masa magani, bai ji sauƙi ba. Laraba aka kai shi asibiti, aka gwada jini aka ga zazzaɓin cizon sauro, likita ya ba shi hutun kwana uku, Laraba zuwa Juma'a. Ranar Asabar ya koma aiki da takardarsa.

Mu fara da lissafin kuɗin. Sashe na 19 ya ce wajen lissafin kuɗin jinya ba a haɗawa da kuɗin ƙarin lokaci da sauran alawus. Saboda haka 78,000 za a duba. Idan kamfanin yana raba albashi da kwana 26, kowace rana naira 3,000 ce. Kwana ukun da takarda ta rufe sun kama 9,000, kuma wannan haƙƙinsa ne idan bai cinye kwanakinsa 12 na bana ba. Litinin da Talata, wato 6,000, su ne a rataye, domin babu likitan da ya gan shi a waɗannan ranakun.

Mutane da yawa a nan sukan roƙi likita ya mayar da kwanan wata baya. Likita mai kiyaye kansa ba zai yarda ba, domin shaidar abin da bai gani ba ce, kuma ba da takardar ƙarya laifi ne da kan kai likita gaban kwamitin bincike na MDCN, daga nan zuwa kotun ladabtarwarta, inda za a iya dakatar da shi ko a soke sunansa daga rajista. Abin da zai iya yi cikin gaskiya shi ne ya rubuta cewa marar lafiyar ya zo ranar Laraba, ya ce ya kwana biyu yana zazzaɓi, kuma abin da aka samu a jikinsa ya dace da hakan. Wannan ba ya tilasta wa kamfani biyan kwana biyun, amma yana ba manaja mai adalci abin dogara, ko ya biya ko ya cire su daga hutun shekara.

Yanzu ga maganar an gan shi a masallacin Juma'a. Ita ce hujjar manaja, kuma hujja ce mai rauni. Takardar ba ta ce mutumin ba ya iya miƙewa ba, cewa ta yi bai dace ya yi aiki ba. Wanda ya kwana biyu yana shan maganin zazzaɓi zai iya takawa zuwa masallacin unguwa ya dawo ya kwanta, amma bai kai ya tsaya awa takwas a gaban injin da ke iya cin yatsa ba. Da a ce an gan shi yana jan Adaidaita Sahu yana ɗaukar fasinja, ko yana dako a Kantin Kwari, da magana ta canja, domin wannan ya ci karo da abin da ya faɗa wa likita, ya kuma taɓa sharaɗin nan na cewa ciwon ne kaɗai ya hana shi aiki. Tambayar da ta dace kullum ita ce: abin da aka gan shi yana yi, mai wannan lalurar zai iya yinsa ko ba zai iya ba? Ita ma tambayar likita ake yi wa.

Sai manaja ya ce a kai shi likitan kamfani. Yana da wannan damar, amma lokaci ya riga ya ci rabin amfaninta. Ranar Asabar zazzaɓin ya sauka, in aka duba jini a madubin likita mai yiwuwa ba za a ga ƙwayar cutar ba, tunda magani ya yi aiki. Gwajin gaggawa na tsinke kuwa yakan ci gaba da nuna alama har makonni bayan an warke. Saboda haka likita na biyu zai iya cewa yau lafiyarsa ƙalau, amma ba zai iya cewa ranar Laraba ma ƙalau yake ba. Manajan da ya ɗauki rahoton Asabar ya ce ya kama maƙaryaci ya yi kuskuren fahimta. Duba na biyu yana da ƙarfi ne idan an yi shi mutum yana cikin jinyar, shi ya sa ya fi amfani a doguwar rashin lafiya ko wadda ke yawan dawowa.

Idan likitoci biyu suka saɓa

Dokar Ƙwadago ta yi shiru a nan. Ba ta ce maganar likitan kamfani ta fi ta likitan ma'aikaci ba, ba ta kuma faɗi wanda zai biya kuɗin duba na biyun ba. A ganina wanda ya nemi a duba shi ya kamata ya biya, domin ɗora wa mai albashin 100,000 kuɗin gwaje-gwajen da ba shi ya nema ba wata hanya ce ta hana shi haƙƙinsa. Inda aka saɓa kuwa, abin da ya fi kusa da adalci shi ne ɓangarorin biyu su amince da likita na uku, ƙwararre a fannin cutar, a asibitin gwamnati da babu wanda ke biyan sa a cikinsu. Ma'aikata suna da dalilin ɗari-ɗari da asibitin da kamfani ke riƙe da shi da kwangila.

Aikin gwamnati ya fi tsari a wannan fuskar. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, bugun 2008, sun ba ma'aikacin da ba a kwantar a asibiti ba hutun jinya har kwana 42 a cikin wata 12. In ya zarce haka, sai a gabatar da shi gaban kwamitin likitoci su duba ko zai iya ci gaba da aiki. Ga shi an fitar da hukuncin daga hannun shugaban ofis an miƙa wa likitoci fiye da ɗaya. Kamfanoni masu zaman kansu za su iya aron wannan su rubuta a littafin ƙa'idojinsu.

Idan an kasa daidaitawa, akwai ƙungiyar ƙwadago inda take, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya a jiha, sannan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'un aiki a sashe na 254C, kuma tana da rassa a Kano da Kaduna da wasu jihohi. Abin da za a duba a can takardu ne: an tantance takardar asibitin, an nemi ya ga likita na biyu, ya ƙi ko ya je, an ba shi damar kare kansa? Kamfanin da ba shi da wata hujja sai ta an ce an ga ma'aikacin, yana tsaye ne a kan zato, Bahaushe kuwa ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Kukan masu kamfani ba na banza ba ne

Ba za a yi adalci ba in aka nuna kamar duk shakka mugunta ce. Masu ƙananan masana'antu da makarantu masu zaman kansu suna kuka da cewa takardar asibiti ta zama abin saye a wasu wurare, kuma ciwon wasu ma'aikatan ya san kalanda: ba ya tashi sai Litinin, ko washegarin albashi, ko makon bikin ɗan'uwa. Mai gidan burodi da ke da ma'aikata goma, in biyu ba su zo ba, shi da sauran ne za su kwana a bakin tanda. Abokan aiki ma suna jin haushin wanda suke ɗauke wa nauyi alhali sun san ƙarya yake yi.

Irin wannan maimaituwar dalili ne mai kyau na zama da mutum a nuna masa rajistar zuwa aiki, a kuma gaya masa a rubuce cewa nan gaba duk ranar da ya kwanta likitan kamfani zai gan shi a ranar. Amma a yi hattara, domin cututtukan gaskiya ma suna da irin wannan zuwa da komawa. Mai sikila zai yi wata biyu lafiya, sanyi ko wahala ta tayar masa da ciwo ya kwanta kwana huɗu, ya tashi kamar ba shi ba. Haka mai asma lokacin hunturu, da mai ciwon ɓarin kai, da mai laulayi. Babu ɗayansu da ake gane shi a fuska ranar da ya dawo.

Giɓin da ya fi cutar talaka

Babbar matsalar a Arewa, a nawa ganin, ba takardar jabu ba ce, rashin takardar ce ga wanda ciwonsa na gaske ne. Doka ta ce likita mai rajista. Mai kemis ba ya cikin wannan, mai ɗori ba ya ciki, haka ma jami'in lafiyar al'umma da ke riƙe da ƙaramin asibitin ƙauye inda babu likita. To ga mai gadi ko lebura da ya karye aka kai shi wurin mai ɗori ya yi wata guda a kwance: kowa a unguwa ya san gaskiya ne, amma a idon sashe na 16 babu shaida. Wanda ya san hanyar sayen takarda ya tsira da albashinsa, mai gaskiyar da ba shi da kuɗin kati da gwaji ya rasa nasa.

Mai kamfani yana da ikon sassauta wannan, domin doka mafi ƙarancin haƙƙi ta faɗa, ba ta hana a ƙara ba. Zai iya rubuta cewa kwana ɗaya ko biyu na farko sanarwa ta wadatar, daga na uku sai da takarda, kuma zai karɓi takardar ƙaramin asibitin gwamnati ko da jami'in lafiya ne ya sa hannu. Shi kuma ma'aikaci ya sanar da shugabansa tun safiyar ranar farko, da saƙon waya da zai zauna a matsayin shaida, ya adana katin asibiti da sakamakon gwaji da rasit ɗin magani, ya ɗauki hoton takardar kafin ya miƙa ta. Ko da ɗori zai yi, ya fara biyawa ta asibiti a ɗauki hoton ƙashin likita ya rubuta. In kuma a bakin aiki ya ji raunin, to ba lissafin kwana 12 ake yi ba: wannan yana ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 da hukumar NSITF ke gudanarwa, kuma dole a sanar da mai kamfani da wuri domin shi ma ya kai rahoto ga hukumar.